Su Wa Aka Tambaya? Gahawa, Cutar Daji da Jerin STROBE

A watan Maris na 1981, mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga wani bincike da ya tayar da hankalin masu shan gahawa a Amurka. Jagoran binciken, Brian MacMahon, babban masani ne, shi ne ma shugaban sashen nazarin yaɗuwar cututtuka a makarantar kiwon lafiyar jama'a ta Jami'ar Harvard. Shi da abokan aikinsa sun tattauna da marasa lafiya 369 masu cutar dajin fankiriyas, gaɓar nan da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke samar da sinadarin insulin. Sun kuma tattauna da wasu marasa lafiya 644 da ba su da wannan cuta, domin su kwatanta. An tambayi kowa game da taba, giya, shayi da gahawa. Da aka yi lissafi, sai aka ga kamar mai shan kofi ɗaya ko biyu na gahawa a rana haɗarinsa ya ninka na wanda ba ya sha sau 1.8, mai shan kofi uku ko fiye kuwa sau 2.7. Masu binciken sun ce a ƙara dubawa da wasu bayanan, amma sun ƙara da cewa idan har gahawar ce sanadi, to kaso mai tsoka na wannan cuta a Amurka daga gare ta yake.

Shekaru sun nuna ba haka abin yake ba. Su kansu masu binciken sun sake gwadawa, kuma sakamakon da suka fitar a 1986 bai tabbatar da na farko ba. A 2016, hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta tara hujjojin da ake da su, ta ce sun fi nuna cewa gahawa ba ta jawo dajin fankiriyas.

Ba a jira duk waɗannan shekaru kafin a fara gano inda gizo ke saƙa ba. A cikin shekarar ta 1981, Alvan Feinstein na Jami'ar Yale da wasu abokan aikinsa sun yi rubutu a mujallar JAMA suna nuna raunin binciken. Ba su je asibitocin ba, ba su ga marasa lafiyar ba. Rahoton kawai suka karanta. Abin da ya ba su dama shi ne MacMahon ya faɗi a fili yadda ya zaɓi mutanen da ya kwatanta da su. Da ya taƙaita wannan wuri a jimla guda mai duhu, kamar yadda rahotanni da yawa suke yi, da ba wanda zai iya sa yatsa a kan matsalar. Abin da jerin STROBE yake nema ke nan daga kowane mai bincike: ya rubuta abin da ya yi dalla-dalla, yadda idan akwai kuskure, baƙo mai karatu zai iya ganinsa.

Binciken da ba a jefa ƙuri'a

Idan ana son gwada sabon magani, akan jefa ƙuri'a a raba mutane gida biyu, a ba wasu, a hana wasu. Ƙuri'ar ce ke sa gidajen biyu su yi kama da juna a komai in ban da maganin. Amma akwai tambayoyin da ba a iya yi musu haka. Ba wanda zai sa mutane dubu su sha taba shekara ashirin don a ga abin da zai faru, ko ya hana mai ciki zuwa awo don a ƙidaya sakamako. A nan sai dai a sa ido a kan mutane yadda suke rayuwarsu, a ƙidaya, a kwatanta. Wannan shi ne binciken lura, kuma yawancin abin da muke ji a rediyo da sunan "bincike ya nuna" daga irinsa yake fitowa. Iri uku ne manya: a ɗauki jama'a a bi sawunsu tsawon lokaci a ga wa zai kamu, ko a fara da waɗanda suka riga suka kamu a waiwayi bayansu tare da na wasu da ba su kamu ba, kamar yadda MacMahon ya yi, ko kuma a auna komai a lokaci guda.

Tunda ba ƙuri'a, gidajen da ake kwatantawa na iya bambanta ta hanyoyin da mai binciken bai nufa ba, sai sakamako ya karkata gefe guda. Ba dole sai an yi ha'inci ba. Mutum mai gaskiya ƙwarai na iya fitar da lamba karkatacciya.

A watan Satumba na 2004 wasu masana lissafi da masu nazarin cututtuka da editocin mujallu suka zauna a birnin Bristol na Ingila don su tsara abin da ya wajaba rahoton irin wannan bincike ya ƙunsa. Sun sami abin koyi a jerin CONSORT, wanda aka fitar a 1996 don rahotannin gwajin magani. Bayan an yi ta gyara, a watan Oktoba na 2007 aka buga STROBE a mujallu da dama, ciki har da The Lancet da PLoS Medicine, da sunayen Erik von Elm, Douglas Altman, Matthias Egger, Stuart Pocock, Peter Gøtzsche da Jan Vandenbroucke. Batutuwa 22 ne, daga take har zuwa wanda ya biya kuɗin aikin. Guda 18 sun shafi kowane iri, guda 4 kuma suna sauyawa gwargwadon irin binciken. Ba sai mun bi su duka ba. 'Yan kaɗan ne ke ɗauke da nauyin maganar karkata, kuma binciken gahawa ya isa ya nuna mana su.

Batu na 6: daga ina aka samo su?

Batu na 6 yana neman a faɗi sharuɗɗan shiga bincike, da inda aka samo masu cutar, da inda aka samo mutanen kwatance, da dalilin zaɓar su. Wannan na ƙarshe shi ne ake yawan tsallakewa.

Ga abin da MacMahon ya yi. Duk lokacin da aka sami mai dajin fankiriyas a ɗaya daga cikin asibitocin Boston da Rhode Island da aka yi aikin, sai a nemi mutanen kwatance cikin sauran majinyatan da likitansa yake dubawa a wannan asibiti. Dabarar tana da ma'ana: majinyatan likita ɗaya sukan fito daga yanki ɗaya, da hali na rayuwa mai kama da juna, kuma samun izini ya fi sauƙi. To amma wane likita ne ke duba mai dajin fankiriyas? Galibi likitan ciki da hanji ne, ko likitan tiyatar ciki. Sauran majinyatansa kuwa masu gyambon ciki ne, da masu ƙwannafi mai tsanani, da masu ciwon hanji. Waɗannan su ne mutanen da ciwo ya riga ya raba da gahawa, ko dai likita ya hana su ko su da kansu suka ga tana tayar musu da ciwo. Ke nan mutanen kwatancen sun fi sauran jama'a ƙarancin shan gahawa. Idan aka jera su da masu cutar daji, sai a ga kamar masu dajin ne ke sha da yawa, alhali ɗaya ɓangaren ne ke sha kaɗan.

Bari mu yi lissafin da lambobi na misali, waɗanda na zaɓa don sauƙi, ba na binciken ba. A ce a wani gari mutum 60 cikin 100 suna shan gahawa, kuma gahawa ba ta da alaƙa da cutar ko kaɗan. Idan ka ɗauki masu cutar 100, za ka sami 60 masu sha, 40 marasa sha. Idan ka ɗauki mutanen kwatance 100 daga cikin gari, haka za ka samu, 60 da 40. Raba 60 da 40, ka sami 1.5 a kowane ɓangare. Raba 1.5 da 1.5, amsa 1, ma'ana ba bambanci. Yanzu sauya abu guda: ɗauko mutanen kwatancen daga ɗakin masu ciwon ciki, inda 20 daga cikin masu sha suka daina. Sun koma 40 masu sha, 60 marasa sha. Raba 40 da 60, ka sami kashi biyu bisa uku. Raba 1.5 da kashi biyu bisa uku, amsa 2.25. Haɗari ya ninka fiye da sau biyu a kan takarda, kuma ba wanda gahawa ta taɓa.

Abin tsoro a nan shi ne ƙara yawan mutane ba ya gyara wannan. Ko an tambayi mutum dubu goma a kowane ɓangare, 2.25 ɗin nan za a sake samu, sai ma dai ta ƙara kama da gaskiya, domin tazarar shakku da ake rubutawa a gefenta za ta tsuke. Tazarar nan, wadda batu na 16 ke neman a nuna, tana auna rawar da sa'a ta taka ne kawai. Ba ta san komai game da ɗakin da aka shiga aka ɗebo mutane ba.

Abin da aka shirya nema da abin da aka tsinta

Akwai wani abu kuma. Hankalin masu binciken tun farko yana kan taba da giya ne. Har ma sun cire masu cututtukan da aka san taba da giya na jawowa daga cikin mutanen kwatance, don kada su ɓata lissafi. Hakan daidai ne ga tambayar taba. Amma masu shan taba sukan kasance masu shan gahawa, don haka cire su ya ƙara rage masu gahawa a ɓangaren kwatance. An tsara binciken don tambaya ɗaya, sai ya ba da amsar wata.

Shi ya sa batu na 3 ke neman a rubuta manufar bincike da hasashen da aka shiga da shi, batu na 17 kuma a bayyana sauran lissafe-lissafen da aka yi a gefe. Wanda ya tambayi mutane abu talatin, ya gwada kowanne da cutar, da wuya ya rasa ɗaya ko biyu da za su yi kamar suna da alaƙa, ko da sa'a ce kawai. Ba laifi ba ne a tsinci abu a hanya, manyan abubuwa da yawa haka aka gano su. Laifin shi ne a dawo a rubuta rahoto kamar tun asali abin da aka fita nema ke nan. Mai karatu yana da haƙƙin sanin wanne ne, domin nauyin da zai ɗora a kansu ba ɗaya ba ne.

Dangantakar taba da gahawa tana kawo wata matsala dabam. Taba kanta tana ƙara haɗarin dajin fankiriyas. Idan masu gahawa sun fi shan taba, za a iya ɗora wa gahawa laifin taba. Masu lissafi suna da hanyar daidaita wannan, ta kwatanta mai taba da mai taba, marar taba da marar taba. Batu na 16 yana neman a nuna lamba biyu, ta kafin daidaitawa da ta bayanta, a kuma faɗi abubuwan da aka daidaita da dalilin zaɓarsu. Idan lamba ta faɗo daga 3 zuwa 1.4 bayan an sa taba a lissafi, mai hankali zai yi tunanin ko saura 1.4 ɗin ma ragowar tabar ce da ba a auna da kyau ba. MacMahon ya daidaita taba, kuma lambarsa ba ta gushe ba. Daidaitawa tana maganin abin da aka auna. Ba ta maganin kuskuren da aka yi a ƙofar shiga.

Idan abin ya zo gida

Bincike mai yawa da ɗalibai da likitocinmu ke yi daga rijistar asibiti da fayilolin majinyata yake fitowa, domin su ne a hannu kuma ba su da tsada. A nan ne nake ganin jerin nan ya fi amfani gare mu.

A ce wata likita tana son sanin ko rashin zuwa awon ciki yana da alaƙa da haihuwar jariri ba rai. Ta buɗe rijistar ɗakin haihuwa ta shekara guda, ta raba mata gida biyu, masu katin awo da marasa kati. Za ta ga mutuwar jarirai ta fi yawa nesa ba kusa ba a wajen marasa kati. Awo yana da amfani, wannan ba abin musu ba ne. Amma lambar da za ta samu za ta wuce gaskiya. A yankuna da yawa na arewacin Nijeriya, yawancin mata a gida suke haihuwa. Mai zuwa awo ta fi yiwuwar zuwa asibiti ta haihu ko da lafiya lau take. Wadda ba ta awo kuwa, sau da yawa ba a kawo ta sai naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama ta. 'Yan'uwanta da suka haihu lafiya a ɗaka ba sa cikin rijistar ko kaɗan. Ke nan an kwatanta dukkan masu awo da mafi wahalar cikin marasa awo.

Likitar ba za ta iya sauya wannan ba, kuma STROBE bai ce kada ta yi binciken ba. Abin da yake nema shi ne ta faɗa. Batu na 13 yana so ta ba da ƙidaya a kowane mataki, kuma an fi son ta zana shi a jadawali: a misalinmu, haihuwa 1,000 a rijista, an gano fayil 820, an ajiye 70 saboda ba a rubuta halin jariri ba, an yi lissafi da 750. Mutum 250 da suka zube a hanya, su waye? Idan fayilolin da suka ɓace na waɗanda aka kawo cikin gaggawa da tsakar dare ne, ko na waɗanda suka rasu aka kai fayil ɗinsu wani ofishi, to ɓacewarsu ba ta sa'a ba ce, kuma tana jan sakamako gefe guda. Rahoton da ya ce kawai "an duba mata 750" ya rufe wannan ƙofa gaba ɗaya.

Batu na 8 yana tambayar yadda aka auna kowane abu, da ko hanya ɗaya aka bi a ɓangarorin biyu. Watannin cikin mai kati an san su daga hoton ciki da rubutun awo. Na marar kati kuwa daga bakinta ko na uwar mijinta aka ji, cikin ruɗu. Shekarun haihuwa ma sau da yawa ƙiyasi ne. Idan an yi tambayoyi baki da baki, a faɗi da wane harshe, wa ya yi tambayar, kuma ko mai tambayar ya san wadda jaririnta ya rasu. Uwar da ta rasa ɗa takan tuna duk abin da ta ci da wanda ta sha lokacin goyon ciki, tana neman dalili. Wadda ta rungumi nata lafiya ba ta da abin da zai sa ta yi wannan tonon.

Sai batu na 9 da na 19, waɗanda a ganina su ne zuciyar jerin. Na 9 yana sashen hanyoyin aiki: me kika yi don rage karkata? Na 19 yana sashen tattaunawa: wace karkata ce ta rage, ta wane gefe ta ja sakamako, kuma girmanta ya kai nawa? Abin da aka saba gani shi ne jimla irin wannan: "Wannan bincike yana da iyaka domin a asibiti ɗaya aka yi shi." Jimlar gaskiya ce, amma ba ta taimaki kowa ba. Ga yadda likitarmu za ta rubuta idan ta bi batun da gaske: "Matan da ba su yi awo ba galibi an kawo su ne bayan matsala ta auku, don haka muna ganin lambarmu ta zuzuta haɗarin rashin awo. Da muka ware waɗanda aka turo daga wasu asibitoci muka sake lissafi, bambancin ya ragu amma bai ɓace ba. Sakamakon ya shafi matan da suka haihu a asibiti, bai kamata a ɗora shi a kan masu haihuwa a gida ba." Jimla uku, ta faɗi gefen da karkatar ta ja, ta nuna gwajin da ta yi don auna girmanta, wanda batu na 12 ke nema, ta kuma amsa batu na 21 game da waɗanda sakamakon ya shafa. Wasu na tsoron irin wannan rubutu zai rage wa aikinsu daraja a idon edita. Ni dai rahoton da ya faɗi rauninsa da lamba ya fi kwantar mini da hankali, domin ya nuna marubuciyar ta san inda ƙafarta take.

Inda jerin ya tsaya

Mujallu da yawa suna neman a cike jerin a haɗa da rahoto, a rubuta lambar shafin da aka amsa kowane batu. Hakan na sa wasu su bar shi sai daren aikawa, su bi layi suna sa lambobin shafi. A lokacin an makara. Wanda bai ƙidaya mutanen da suka ƙi amsa tambaya a ranar da suka ƙi ba, ba zai iya cike batu na 13 bayan shekara guda ba. Gara a buɗe jerin tun ana tsara aiki, a tanadi littafin da za a riƙa rubuta wanda aka nema, wanda aka samu, da dalilin rasa sauran.

Waɗanda suka tsara STROBE sun faɗa a fili cewa ba ma'aunin ingancin bincike ba ne, ba kuma umarni ne kan yadda za a tsara shi ba. Duk da haka, wani nazari da aka buga a mujallar BMJ Open a 2011 ya gano cewa masu tattara bincike da dama suna amfani da shi ta wannan hanya da ba ta dace ba, suna auna inganci da shi. Binciken gahawa na iya cika batu na 6 tsaf, ya faɗi inda ya samo kowa, kuma amsarsa ta kasance kuskure. Wani kuma na iya yin aiki mai kyau ya rubuta shi a dunƙule. Cika batu yana nufin an faɗa, hukunci kuwa yana hannun mai karatu. Jerin kuma ba ya kama wanda ya rubuta abin da bai yi ba. Wannan aikin masu sa ido ne da masu neman ganin ainihin bayanan, da kuma wasu masu binciken da za su sake yin aikin a wani gari da wasu mutanen kwatance.